Zuwa ga 'Yan Aji Biyu na Kimiyya: Kan Gwajin Zafi da Dokokin Gas

Assalamu alaikum ɗalibai. Na gama duba takardunku. Yawancinku kun san dokokin, lissafinku ma ba laifi, amma ma'auni ne ya cinye muku maki.

Tambaya ta uku ce ta fi kayar da ku: gas mai girman 300 cm³ a 27°C, aka ɗumama shi zuwa 54°C, matsin bai canja ba. Da yawa kun rubuta 600 cm³, wai zafi ya ninka. Ina! Dokar Charles ba ta aiki da digirin Salsiyos, sai Kelbin. Ku ƙara 273 a kowanne: 27°C ya zama 300 K, 54°C ya zama 327 K. Saka su cikin V₁/T₁ = V₂/T₂, amsa 327 cm³ ce. Dalilin kuwa, sifilin Salsiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, ainihin sifilin zafi yana can −273°C. Wanda bai yarda ba, ya gwada raba lamba da 0°C ya ga inda zai kwana.

Sai kuma masu wuce gona da iri, da suka kai 273 inda ba a gayyace ta ba. A Q = mcΔθ, bambancin zafi ake nema. Ruwa ya tashi daga 30°C zuwa 80°C, bambancin 50 ne, a Salsiyos ko a Kelbin. Ba 323 ba.

A wannan tambayar dai, an ba ku ruwa giram 500, da c = 4200 J/kg·K. Ku dubi kg ɗin nan da ke cikin c, shi ke gaya muku nauyin ya zama 0.5 kg. Amsa 105,000 J. Masu saka 500 kai tsaye sun samu jul miliyan 105 don ɗumama ruwan da bai wuce leda ɗaya ta fiya wata ba, kuma ko gezau ba su yi ba. In hita ce aka ambata, lokaci a sakan yake: minti 5 sakan 300 ne.

A dokar Boyle babu tilas a juya ma'auni, muddin ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Kada dai ku haɗa cmHg da mmHg. 76 cmHg shi ne 760 mmHg. Amma PV = nRT, da R = 8.31 J/mol·K, ba ta karɓar komai sai Pa, m³ da K. Ku lura, 1 cm³ = 10⁻⁶ m³, ba 10⁻² ba.

Daga yau, kafin ku taɓa kalkuleta, ku jera abin da aka ba ku a gefe, kowace lamba da ma'auninta, ku juya na juyawa. Masu makin WAEC da NECO suna rage maki in amsa ta zo ba ma'auni, ni ma haka zan yi.

Ku sake yin tambaya ta uku da ta biyar a littafin aiki, monita ya tattaro mini ranar Litinin kafin tara.

Malaminku na Fiziks