Rahoton Ci Gaban Aikin Ajujuwa Uku na Makarantar Islamiyya, Aboabo, Kumasi

15 ga Yuli, 2023

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu mazauna Hamburg, masu ɗaukar nauyin aikin.

Assalamu alaikum.

Mun yi muku alkawarin miƙa makullin ajujuwan kafin Babbar Sallah. Sallah ta wuce ranar 28 ga Yuni, aikin bai kammala ba. Sabuwar ranar da muka tsayar ita ce 31 ga Oktoba.

A yau gini ya kai linta a dukkan ajujuwa ukun, an kuma gama ramin banɗaki. Saura rufi, yaɓe, daɓe, ƙofofi da tagogi.

Babban abin da ya riƙe mu shi ne ƙasar wurin. Da aka fara haƙa harsashi a watan Maris, ba a kai ƙugun mutum ba ruwa ya fara tsattsafowa. Da safe magina sukan tarar da ramin ya cika, sai an janye ruwan da inji kafin a ɗauki shebur. Kun san Aboabo da ambaliya. Injiniya ya ce a ƙara zurfi, a ƙara rodi, a ɗaga daɓen sama da yadda aka zana. Kwamiti ya amince baki ɗaya, domin yara za mu zuba a ciki, ba za mu ɗora bulo a kan harsashin da muke shakkarsa ba. Wannan ya ci mako bakwai, ya tura mu cikin ruwan Mayu da Yuni, inda muka rasa wasu makonni.

Sai tsada. An yi kasafin a Oktoban 2022, a Disamba kuwa hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Siminti da rodi duk sun tashi.

Kun aiko da sidi 320,000. An kashe 214,000, akwai 106,000 a asusu. Kammala ajujuwa da banɗaki na bukatar duka 106,000 ɗin, alhali 35,000 daga ciki kun ware su ne don katanga. Ba ƙarin kuɗi muke nema ba. Izininku muke nema mu juya kuɗin katangar zuwa rufi, katanga ta jira baɗi. Ba za mu taɓa su ba sai kun amince a rubuce, kuma muna roƙon amsa kafin 25 ga Yuli, saboda muna so kwano ya hau kafin ruwan Satumba. Idan rufi ya hau, sauran aikin na cikin ɗaki ne, ruwa ba zai tsayar da shi ba.

Mun sayi katako, kafinta zai fara ranar 1 ga Agusta. Rasit da hotuna suna haɗe da wannan rahoto, na gaba kuma zai iso muku ranar 15 ga Agusta, in Allah ya yarda.

Allah ya saka da alheri.

Sakataren Kwamitin Gini