Rahoton kayan gida da yanayin da na same shi ranar shiga haya

Litinin, 3 ga Maris 2025
Fulat mai lamba 4, hawa na farko: ɗaki biyu, falo, kicin da banɗaki ɗaya

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma. Kamar yadda muka yi magana ranar da na biya kuɗin haya da kuɗin ajiya, yau da safe mun zagaya gidan ni da ejan ɗinku daga ƙarfe 10 zuwa wajen 11 da rabi, kafin a shigo da ko tsinke na kayana. Na ɗauki hoto 46 da bidiyo guda ɗaya, duk inda na sa lamba a ƙasa to lambar hoton ce.

Makullai da mita. An ba ni makulli 2 na ƙofar shiga, 1 na kowane ɗaki, 1 na get. Na ƙofar kicin babu, ejan ya ce tun wanda ya tashi bai bayar ba. Mitar wuta tana kan 08412, ta ruwa 00367 (hoto 1 da 2, lambar jikin mitar ma ta fito sosai).

Falo (hoto 3 zuwa 14). Fenti sabo ne fari, ba abin da zan ce a kai sai ramukan ƙusa guda 5 a bangon da ke kallon ƙofa, an shafa musu fenti amma ba a toshe ba. Fankar sama tana aiki, sai dai in aka kai ta lamba 3 tana ƙara tana rawa, na sa wannan a bidiyon tunda hoto ba ya ɗaukar ƙara. Soket 4, uku lafiya, na bayan ƙofa babu wuta ko kaɗan, na gwada da cajar wayata a gaban ejan. Tayil guda 2 sun tsage kusa da taga, na ajiye rula a gefe kafin in ɗauka, tsagar ta farko santimita 18 ce, ta biyun ƙarama ce amma bakin ya ɗan ɓalle.

Babban ɗaki (15 zuwa 24). A nan ne hankalina bai kwanta ba gaskiya. A kusurwar silin ta wajen banɗaki akwai tabon ruwa ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, kuma da na taɓa bangon da ke ƙarƙashi akwai sanyi-sanyi, fentin har ya fara kumbura. Ejan ya ce tsohon yoyo ne an gyara, to Allah ya sa, amma na zana iyakar tabon da fensir a hankali na ɗauke shi daga nesa da kusa, in ya wuce zanen nan to mun san ruwa na nan yana bi, kuma zan sanar da ku a ranar ba sai ya ci silin ba. Wadirob mai ƙofa 3, ta tsakiya ta saki ba ta rufuwa daidai, madubin lafiya. Ragar taga ta yage daga ƙasa kamar tsawon yatsa.

Ƙaramin ɗaki (25 zuwa 30). Komai lafiya, kwan fitila ne kawai babu, zan sa nawa.

Kicin (31 zuwa 38). Kabad 6 duk suna buɗuwa, amma katakon ƙarƙashin sinki ya sha ruwa ya kumbura ya yi baƙi. Na buɗe famfo minti biyu na sa takarda a ƙasa, ta jiƙe, ke nan har yanzu bututun yana ɗiga. A kan kanta akwai ƙunar gindin tukunya zagaye guda ɗaya.

Banɗaki (39 zuwa 46). Shawa na kawo ruwa, hita na aiki, murfin masai ya tsage ta baya, magudanar ƙasa tana jan ruwa a hankali, akwai tsatsa a hannun ƙofa ta ciki.

Abin da nake roƙo a gyara biyu ne kawai, bututun sinki da soket ɗin falo. Sauran zan iya zama da su a haka, so nake dai a san na same su ne.

Alhaji don Allah kada ku ga kamar rashin yarda ce ta sa na yi wannan dogon rubutu. A gidan da na baro shekara biyu na yi, ranar tashi aka nuna min ƙofar kabad da ta karye aka cire daga kuɗin ajiyata, kuma wallahi a haka na tarar da ita, amma me zan nuna? Ni na ce, mai gidan ya ce, kuma kuɗin a hannunsa suke. Ban ma ɗauka zalunci ya nufa ba, mutum ne mai gidaje da yawa, ina zai tuna ƙofar kabad ɗaya bayan shekara biyu. Ni kaina yau in an tambaye ni tayil nawa ne a tsage zan ce biyu, baɗi war haka ba lallai in iya rantsuwa ba.

Shi kuma hoto in ba kwanan wata rabin shaida ne, don ana iya cewa ai jiya ka fasa yau ka ɗauka. Waya tana ajiye rana da lokaci a cikin fayil ɗin kowane hoto, tawa ma har a sunan take sawa, misali na tsagar tayil sunansa `IMG_20250303_101422.jpg`, wato yau ƙarfe 10 da minti 14. Amma in aka tura a WhatsApp yadda aka saba yana matse hoton ya goge wannan bayanin, shi ya sa na turo muku su a matsayin `Document`, na kuma sake turawa ta imel ku da ejan. Kuma tunda kowa na iya canza agogon wayarsa, ƙarfin shaidar shi ne sun iso hannunku yau ɗin nan, ɗakunan fayau ba kaya, ranar isowarsu tana cikin wayarku ba tawa kaɗai ba.

Ku ma kariya ce gare ku. Hoto 9 ya nuna gilashin tagar falo lafiya lau, in ranar tashi aka same shi a fashe to ba ni da bakin magana, a cire a kuɗina. Abin da nake so mu fahimci juna a kai tun yanzu shi ne bambancin ɓarna da tsufan kaya, fenti ya ɗan dushe ko hannun ƙofa ya yi sako-sako saboda amfanin yau da gobe wannan ba ɓarna ba ce, amma rami a ƙofa ko sinki a fashe, wannan nawa ne. Ranar da zan fita in Allah ya kai mu sai mu tsaya a wuraren nan dai, a ɗauki hoto daga inda na ɗauka yau, a jera na shiga da na fita a duba.

Na buga wannan rahoton kwafi biyu, ni da ejan mun sa hannu a kowane shafi da kwanan watan yau, saura naku. In akwai abin da kuka ga ba haka yake ba ko na tsallake, ku rubuta a gefen takardar ko ku turo min kafin Litinin mai zuwa 10 ga wata sai mu koma mu duba tare. Motar kayana za ta zo gobe da azahar, mai gyaran famfo kuma in zai zo da safe ya fi, ina nan tun ƙarfe 8.

Na gode sosai, Allah ya bar zumunci.
Mai haya a fulat na 4