Tsakanin Jebba da Mokwa

(Cikin doguwar motar dare daga Legas zuwa Kano. An kashe fitilun ciki, yawancin fasinjoji sun yi barci. Hajiya Rabi, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, tana zaune ta wajen taga. A gefenta wata matashiya ce da jariri a cinya.)

Ba shi ya sha, 'yar nan, ba shi. Kada ki ji kunyata, ja mayafina ki rufa. Tun Ilori nake jin yana mutsu-mutsu, yunwa ce. Yawwa. Tallafo kansa da hannunki na hagu, kada motar nan ta faɗa rami ya ƙware. Watansa nawa? Huɗu? Allah ya raya, Allah ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne.

A'a, ba abin da ke damun idona. Ƙura ce.

Ba ƙura ba ce. Ki yi haƙuri, 'yata, ban san sunanki ba, kuma don Allah kada ki faɗa mini. Idan na san sunanki zan tambayi na mahaifinki, daga nan sai unguwarku, kafin mu kai Mokwa mun zama dangi, ni kuma bakina ya sake rufewa. Biki za ni. Kin ga lokacin da ake loda kaya a tasha ina ta faɗa da yaron mota a kan wani kwali? Kuloli ne da faranti masu fashewa, a Idumota na sayo. 'Yata ce za a aurar, Hafsatu, ita kaɗai Allah ya bar mini. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a ɗaura. An kawo lefe, an biya sadaki, an yi jere saura kayan da ke ƙarƙashinmu yanzu.

Kada ki ce Allah ya sanya alheri tukuna. Saurara.

Ke ba a haife ki ba a 1996. Shekarar sanƙarau ke nan, zamanin Abacha, shekarar da Saudiyya ta hana alhazan Najeriya zuwa saboda annobar. Muna zaune a wani gidan haya a Kurna, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakar gida. Zafi kamar me, amma an ce kada a cunkushe a ɗaki, sai kowa ya fito da tabarma waje. Da asuba sai ki ji kuka ya tashi a maƙwabta, ki san an yi. Yaro zai kwanta da ciwon kai, kafin gari ya waye wuya ya sanƙare.

Ni a lokacin sunana mai wabi. Ba a faɗa a gabana, amma ina ji. Biyu na binne kafin nan, duk ba su kai yaye ba. Na ukun, Sagiru, ya fi su daɗewa, har ya fara zama. Ciwon nan ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Uwar mijina ta ce nonona ne ba shi da kyau, shi ke kashe su. An ba ni jiƙe-jiƙe, an ba ni rubutu, har nono aka sa na tatsa a ludayi aka jefa tururuwa a ciki, wai a ga ko za ta fita da rai. Mata suka daina miƙo mini 'ya'yansu in riƙe musu idan za su shiga wanka.

To, ɗakin da ke kallon nawa na Balaraba ne. Ba a yi sadakar bakwai ɗin Sagiru ba ciwon ya kama ta, aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibitin zana. Ta bar jariri kamar wannan naki, bai kai shi ba ma. Mijinta yana can yana jinya, aka bar yaron hannun kakarsa, tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai. Aka sayo madarar gwangwani ya ƙi karɓa, a ɗura masa da cokali ya dawo da ita. Dare na farko kuka yake da ƙarfi, duk gidan ba wanda ya runtsa. Zuwa dare na uku muryar ta dishe, sai wani ɗan ƙara yake fitarwa, ya yi shiru, ya sake. Na san wannan ƙaran. Sau uku na ji shi a ɗakina.

Ni kuma ga ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata kullum a jiƙe, in ya yi kuka sai in ji nonon yana tsattsafowa da kansa. Da rana na je na ce wa tsohuwar, Iya, ki kawo shi in gwada. Ta janye shi ta rungume, ta ce, "Rabi, ki rufa mana asiri, shi kaɗai gare su."

Da dare ya raba, ta yi barci a bakin ƙofa da carbi a hannu, shi yana kan tabarma a gefenta. Na fito ba takalmi. Na ɗauke shi na zagaya bayan rijiya, inda ake jingine turame, na tsuguna. 'Yar nan, da ya kama, sai da na ciji mayafina don kada in yi ƙara. Ya sha har ya yi gumi a goshi, ɗan hannunsa ya riƙe mini sarƙar wuya. Ya saki da kansa, ya yi gyatsa, ya yi barci. Na mayar da shi na goge masa baki da bakin zanina.

Haka na riƙa yi kowane dare har aka sallamo uwarsa, kusan mako uku. Tsohuwa tana ta gaya wa mutane rubutun da malam ya ba ta ne ya kama yaron. Ni kuma kullum cikin tsoro nake, ina jiran ranar da zai mutu in tabbata ni ce. Bai mutu ba. Ya yi ɓul-ɓul. Balaraba ta dawo da ranta, amma ciwon ya tafi da jinta, har yau sai an yi mata ihu a kunne ko a yi mata nuni da hannu. Mijina, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai sani ba. Shekara ba ta zagayo ba muka tashi zuwa Agege, ya shiga harkar albasa a kasuwar Mil Sha Biyu. A can na haifi Hafsatu a 2001, ta sha wannan nonon dai da aka ce yana kisa, ga ta nan.

Na ga kin gane. Hannunki ya tsaya a bayan yaron.

Ƙanwar mahaifinta ce ta ɗauke ta riƙo a Kano don karatu. Wata rana ta bugo mini waya tana ta noƙe-noƙe, wai akwai wani, sunansa Nura, yana da shagon gyaran waya a Farm Centre. Na yi murna. Sai da manya suka shiga maganar, aka ce ai ɗan gida ne, ɗan Balaraba ta Kurna, an yi zaman haya tare, an san asali. Kowa yana cewa abin ya zo da sauƙi, ba sai an yi dogon bincike ba. Ina riƙe da waya na zauna a ƙasa.

Ba jahilci ba ne, kada ki nema mini wannan uzurin. Na yi Islamiyya a Agege, mun karanta ayar a Suratun Nisa'i, iyayenku mata da suka shayar da ku da 'yan'uwanku mata na shayarwa. Na taɓa tambayar malaminmu, na ce wata ƙawata ce. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri kafin ya shekara biyu, ya haramta, wasu malaman kuma sun ce sai sau biyar. Na ce, to ai nonon na wani ɗan ne da ya rasu, ita yarinyar sai bayan shekaru aka haife ta. Ya ce duk ɗaya ne, duk abin da matar ta haifa, kafin ko bayan, ɗan'uwansa ne. Ni da na wuce biyar tun a makon farko, ina zan ɓuya?

Na ce bari in jira, samarin yanzu ba sa daɗewa, za su ɓata da kansu. Ba su ɓata ba. Na tsaurara a kan lefe ko zai gudu, ya kawo har da ƙari. Na ce sai ta gama karatu, ya jira.

Akwai wanda ya fi wannan, shi ne ban taɓa faɗa ko a sujada ba. Bara da Sallah ya zo gaishe ni har Legas. Ya durƙusa a bakin ƙofa, dogo, ga gemu, ya ce, "Mama, ina wuni." Na kalli goshinsa. Wallahi, 'yar nan, daɗi na ji. Zuciyata ta ce ga ɗanki ya dawo, in aka yi auren nan zai riƙa kiranki Mama har ki mutu, ba wanda zai ce ki rufa musu asiri. Na zuba masa tuwo da hannuna na zauna ina kallonsa yana ci. Tun daga ranar na daina neman hanyar da za su rabu. Ina son in riƙe shi, ko da ta wannan hanyar ce. Wace irin uwa ce za ta kai 'yarta ɗakin yayanta don a ce mata Mama?

Bari, kada ki ba ni ruwa, ba zai wuce ba.

Na san abin da za a ce. Dangin mijina za su ce ƙarya na ƙirƙira don na raina arzikin yaron, ina shaidata, tsohuwar da ke kwance a bakin ƙofa ta daɗe a ƙasa. Masu yarda kuma za su ce shekara biyu ina ina. Duk zan iya ɗauka. Hafsatu ce ban san da wane ido zan kalle ta ba. Jiya ta turo mini hoton lallen da ta zaɓa, tana tambaya ko ya yi. Na ce ya yi.

Balaraba zan fara gaya wa, ita ke da haƙƙi kafin kowa, ɗanta na ɗauka ba da izininta ba. Kuma kin san yadda ake magana da ita. Abin da na kasa faɗa a hankali shekara da shekaru, sai na ɗaga murya a tsakar gidanta, ga 'yan biki suna tuyar alkaki, kowa yana ji. Shi ya sa na ce bari in fara faɗa wa mutum ɗaya, in ji ko maganar za ta iya fita daga bakina.

A Kano za ki sauka, ko? Alhamdulillahi. To ga roƙona, ki yi mini don Allah da darajar wannan yaron. Idan muka isa Sabon Gari aka sauke kaya, kada ki tafi ki bar ni. Ki raka ni bakin titi. Ni na san kaina, in mai A Daidaita Sahu ya tambaye ni ina za ni, Hotoro zan ce, gidan biki, in na shiga kuma aka rangaɗa guɗa shi ke nan. Ke za ki gaya masa da bakinki: Gwammaja, layin bayan masallaci, gidan Balaraba. Ki tsaya har ki ga ya tayar. Kayan kuma a bar su a tasha wajen masu ajiya, in an tambaye ki ki ce mai su za ta aiko.

Juya shi ɗaya ɓangaren, wannan ya ƙare. Kin yarda za ki raka ni?