Neman farashi a rubuce na zannuwan gado da rigunan filo

Zuwa ga Alhaji mai dillancin zannuwan gado,
Kasuwar Kantin Kwari, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kasuwa tana albarka.

Alhaji, wannan takarda ta biyo bayan maganar da muka yi ta waya ranar Litinin. Kamar yadda na shaida muku, masaukin baƙinmu da ke cikin garin Katsina yana da ɗaki 24, kuma mun yanke shawarar canza kayan shimfiɗa gaba ɗaya kafin Babbar Sallah, lokacin da baƙin kallon hawa ke cika mana ɗakuna. Maigida ba ya sa hannu a kan farashin baka, don haka muke roƙon ku aiko mana da kwatashin a rubuce, a kan takardar shagonku mai hatimi da sa hannu.

Ɗaki 16 katifarsu shida-da-shida ce mai kaurin inci 10, sauran 8 kuma huɗu da rabi ce mai kaurin inci 8. Kowane gado muna so ya samu saiti uku, ɗaya a kan gado, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a sito. Saiti ɗaya shi ne zanin gado biyu, rigar bargo ɗaya, da rigar filo huɗu a babban gado, biyu a matsakaici; shimfiɗar kare katifa ba ta cikin saiti. Ga abin da lissafin ya bayar:

Zanin gado babba, inci 108 da 108: guda 96
Zanin gado matsakaici, inci 90 da 108: guda 48
Rigar bargo babba, inci 90 da 90: guda 48
Rigar bargo matsakaiciya, inci 78 da 86: guda 24
Rigar filo, inci 20 da 30: guda 240
Shimfiɗar kare katifa daga jiƙa, mai roba a kusurwa: manya 20, matsakaita 10

Awon nan na kayan da aka gama ɗinkawa ne, kuma bayan wankin farko. Auduga tana shigewa idan ta sha ruwa, saboda haka a gaya wa tela ya bar rara tun wajen yanka. Zanin da ya gaza ko da inci biyar ne ba ya cusuwa ƙarƙashin katifa, baƙo na juyawa sau biyu sai ya tsinci kansa a kan katifa tsirara.

Maganar yadi ita ce babba, kuma a nan nake so mu fahimci juna sosai. Fari sol muke so, ba zane, ba fure, domin fari ne kaɗai ke jure bilic, kuma shi ne baƙo ke gani ya yarda an wanke. Auduga zalla muka fi so, mai saƙa matsattsiya, yawan zare tsakanin 200 da 300 a kowane inci murabba'i. Na san ana kawo wasu da aka buga wa leda 1000 ko fiye, ba su muke nema ba, lambar jikin leda ba ta kwana a kan gado. Amma tun da wanki a wurinmu kullum ne, ku ba mu farashi na biyu na mai gauraye, wanda audugarsa ba ta gaza kashi 60 cikin 100 ba, domin maigida ya kwatanta. Ni dai ra'ayina yana kan zalla. Zafin Katsina a watan Afrilu ba ya raga wa yadin roba, idan wuta ta ɗauke da dare baƙo gumi yake kwana yi, da safe kuma mu ne ke shan faɗa.

Kayan da muka saya a wani wuri bara sun yi kyau a leda, ashe sitati ne ya cika su. Da aka wanke sai yadin ya saki, ya tashi ƙuraje, kana ɗaga shi ga rana kana hango mutum ta baya. Shi ya sa wannan karon ba za mu ba da oda ba sai mun gwada. Muna roƙon ku haɗo kwatashin da samfur, zanin gado ɗaya da rigar filo ɗaya daga kowane irin yadi, za mu biya kuɗinsu. Mai wankinmu zai wanke su sau biyar da ruwan zafi da bilic, ya goge, sannan mu sake aunawa. Wanda ya tsira, za mu sa masa hannu mu da ku, ya zama shi ne ma'auni ranar karɓar kaya. A rubuta mana kuma ƙasar da aka saƙa yadin, da ko duk odar za ta fito daga bandir iri ɗaya, don kada wani fari ya fi wani haske a kan gado guda.

Ɗinki kuwa, kalmasa biyu a kowane gefe, da farin zare mai ƙarfi. Ba ma son zanin da aka haɗa a tsakiya. Rigar filo ta zama mai aljihu daga ciki, rigar bargo kuma a yi mata igiya ko maɓalli a ƙasa, kada a sa zif, domin dutsen guga yana lalata shi. Idan zai yiwu a ɗinka ɗan zare shuɗi a kalmasar manya, kore a ta matsakaita, ma'aikatan ɗakuna za su riƙa bambance su ba sai sun warware ba. In akwai ƙarin kuɗi a kan wannan, a nuna shi daban.

Sai batun kawowa. Muna so kaya su iso ƙofar masaukinmu cikin kwana 21 daga ranar da muka ba da oda, ba a tasha za mu karɓa ba. Ku fitar da kuɗin mota da na dako daga Kano zuwa Katsina a layinsu daban. Har sai mun sa hannu a kan takardar karɓa, kaya suna wuyanku. A ɗaure su dozin-dozin a cikin leda, a rubuta girma da adadi a jikin kowace dila. Idan ba za a iya gamawa a lokaci ɗaya ba, mun yarda a kawo kashi biyu, amma na farko ya ƙunshi saiti guda cikakke na dukkan gadaje 24. Za mu ƙirga a gaban wanda ya rako kayan, sannan muna neman kwana bakwai na dubawa. Duk abin da ya saɓa wa samfur, ko ya zo da tabo ko gajeren awo, ku ne za ku canza shi da kuɗin motarku.

A cikin kwatashin a nuna farashin kowane guda da jimlarsa da naira, da ragin da kuke yi wa mai sayen sari, a kuma bayyana ko harajin kashi 7.5 na kayan masarufi yana ciki ko sai an ɗora. A rubuta kwana nawa farashin zai tsaya bai motsa ba. Mun san yadda canji ke wasa da kasuwar yadi, amma muna buƙatar aƙalla kwana 14 kafin mu gama gwajin wanki. Namu tayin shi ne kafin alƙalami kashi 40, ragowar kuma bayan kwana bakwai na dubawa, duka ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan shagonku. Idan kuna da wani tsari daban, ku rubuta shi mu gani. A haɗo da lambar rajistar kasuwanci da lambar haraji saboda akantanmu.

Ba zan ɓoye muku ba, Alhaji, mun aika irin wannan takarda ga wasu 'yan kasuwa biyu, kuma wannan ba oda ba ce tukuna. Ba mafi araha kaɗai za mu duba ba, sakamakon wanki ne zai fi nauyi. Idan muka daidaita, akwai tawul da labule da za mu nema bayan Sallah.

Muna sauraron kwatashin da samfur cikin kwana goma daga ranar da takardar nan ta same ku. Direbanmu yana shigowa Kano kowace Alhamis, za a iya ba shi a shago, ya biya kuɗin samfur a nan take.

Allah ya ƙara buɗi. Na gode.

Naku,
Mai kula da sayayya da sito,
a madadin maigida.