Abin da ya sa na zaɓi karatun likita

Zuwa ga Kwamitin Ɗaukar Ɗalibai, Kwalejin Koyon Aikin Likita, Jami'ar Jihar Gombe.

A gidanmu babu wanda ya yi mamaki da na ce aikin asibiti zan yi. Mamakin ya zo ne da na ce likita. Goggona nas ce, ta fi shekara ashirin tana karɓar haihuwa, kawuna kuma ya karanta harhaɗa magunguna, yana da kantinsa a cikin garin Gombe. Kowannensu ya riga ya share mini hanya. Kawu har cewa ya yi, "'Yata, ki yi famasi ki zo mu haɗu, shagon nan wa zan bar wa?" Ban iya ba shi amsa ba a lokacin, sai na sunkuyar da kai. Amsar ce nake son in rubuta a nan.

Da kakar 2022, ana cirar gyaɗa, kububuwa ta sari ƙanena a ƙafa a gonarmu da ke wajen Billiri. Kafin mu isa asibitin masu saran maciji na Kaltungo, ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa na tsattsafo da jini. Ni na yi jinyarsa, don Inna na da goyo.

Wata nas ta ɗebi jininsa ta zuba a 'yar kwalbar gilashi busasshiya, ta ajiye, ta duba agogo. Bayan minti 20 ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwa, bai daskare ba. Aka kawo maganin dafi daga ɗakin magani aka fara sa masa ta jijiya. Ba a jima ba jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya fara yi masa wuya. Nas ɗin ce ta fara lura, ta tsayar da ruwan, ta kira likita. Allah ya saka mata da alheri, idonta ne ya cece shi a wannan minti.

Abin da ya biyo baya shi ne ya zauna mini a rai. Maganin da zai ceci yaron shi ne kuma jikinsa ke ƙi. A daina, jini ya ci gaba da zuba. A ci gaba, numfashi ya tsaya. Likitan ya sa aka yi masa allurar adirenalin, ya tsaya a kansa har ya lafa, sannan ya ce a mayar da maganin a hankali. Bayan awa 6 aka sake gwajin kwalbar. Jinin bai daskare ba, ya ce a ƙara. Da na yi ta maza na tambaye shi dalili, bai kore ni ba. Ya ce dafin kububuwa yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, hanta kuma sai ta ɗauki sa'o'i kafin ta mayar da su, shi ya sa ba a gaggawar yanke hukunci. Da asuba jinin ya kama jikin kwalbar.

Na ga mutum uku, nas da mai ɗakin magani da likita, sun yi aiki a kan yaro ɗaya, kuma da an cire ɗaya daga cikinsu da wani zancen ake yi. Amma tambayoyin da suka hana ni barci a kan tabarmar nan, na wane ne? Me ke faruwa a cikin jikin? Me ya fi haɗari yanzu? Idan aka yi kuskure, wa zai amsa? Na likita ne.

Ban tsaya kan wannan dare kaɗai ba, don na san tsoro kan sa mutum ya ɗauki alkawarin da ba zai cika ba. Bayan na gama sakandare na yi wata huɗu ina taya Kawu a shago. Na koyi karanta takardar likita da ajiyar magani, na kuma gane cewa hankalina ba ya kan kwalin, yana kan mai tarin da ya miƙo takardar: tun yaushe, da zazzaɓi ko babu, ya rame? Kawu da kansa ya ce, "Ke tambayarki ta yi yawa, ba ta kanti ba ce." Na kuma bi Goggo asibitin unguwa ina rubuta kati ranar awon ciki. Haƙurinta ba ni da rabinsa tukuna. Sau biyu na ga ta gane mai ciki na cikin haɗari, hawan jini da kumburin ƙafa, amma dole ta tura ta wani asibitin mai nisa saboda babu likita a kusa.

Na san abin da nake nema: shekara shida ta karatu, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan hidimar ƙasa. Fiziks ya taɓa ba ni wuya, sai da na sake zama jarrabawar shiga jami'a kafin na sami makin da nake gabatar muku. Ina jin Hausa da Tangale da Turanci, kuma a Kaltungo na ga yadda tsoho ke sakin jiki idan aka tambaye shi ciwonsa da harshensa.

Idan kuka ba ni gurbi, burina in ƙware a fannin cututtukan cikin jiki, in dawo kudancin Gombe in yi aiki. Ƙanena yana aji biyu na babbar sakandare yanzu, kuma ba ya shiga gona sai da takalmin roba.