Littafin 1994

Wata bakwai Nasiru ya yi a ofishin hakimi bai ga amfanin aikin da aka ɗauke shi yi ba. Shi da ya gama difloma yana tunanin kwamfuta za a ba shi, sai aka ajiye masa benci da biro da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, aka ce duk wanda ya zo da maganar gona ko fili ya rubuta. Ai kuwa yana rubutawa, amma irin rubutun nan na a rabu da ni, "wane da wane sun zo kan iyaka, an sasanta", shi ke nan ya rufe littafi ya koma kan wayarsa.

Malam Iro magatakarda kuwa kullum sai ya yi mita. Tsoho ne da ya kusa ritaya, in ya buɗe littafin sai ya ɗaga tabarau ya ce "Nasiru an sasanta a kan me? Wa ke gabas da gonar, wa ke yamma? Su wa suka shaida?" Shi kuma ya ce "Baba ai kowa a garin ya san gonar." Tsohon ba ya ja da shi, sai dai ya ce to Allah ya kyauta.

Ana gab da faɗuwar damina rigimar ta taso, dama lokacin ne ake tuna gonaki. Wata dattijuwa Inna Hajara ta zo da ɗanta Sale, wai gonar mijinta marigayi da ke bakin fadama jingina ya bayar wa Alhaji Mudi shekaru talatin da suka wuce, yanzu ɗan ya tara kuɗi yana so ya fanshi abin ubansa. 'Ya'yan Alhaji Mudi, shi ma ya rasu, suka ce wace jingina? saye ubansu ya yi, sun tashi sun ga ana noma ta, har an saka ta a rabon gado ta faɗo wa ƙaraminsu. Kuma fa in ka dube su ba ƙarya suke ba, abin da aka gaya musu ke nan. Dagaci ya yi zama biyu abu ya ƙi, a na biyun har an zaro sanduna, shi ne ya turo su gaba.

Ranar zaman zauren ya cika har waje. Hakimi ya nemi shaidu, aka ce mai unguwar lokacin ya rasu, liman ya rasu, saura mutum ɗaya kuma tsufa ya ci ƙarfinsa, in ka tambaye shi da safe ya ce jingina, da yamma ya ce ciniki. Babban ɗan Alhaji Mudi, wanda ya ɗan yi boko, ya miƙe ya ce ranka ya daɗe ai tun dokar ƙasa ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar gona a karkara, su kuma sun riga sun cike fom. Hakimi ya ce ya zauna, fom ba ya mayar da jingina ciniki, in jingina ce ko shekara nawa ta yi mai ita na da ikon fansa, in kuma ciniki ne to Sale ya haƙura. Sai ya juya ya ce "Magatakarda, an taɓa kawo maganar nan ofis?"

Malam Iro ya ce "Allah ya ja zamaninka, a ba mu kwana biyu."

Sito ɗin da ke bayan ofis Nasiru bai taɓa shiga ba sai ranar. Ƙura, kashin ɓera, fayil-fayil an ɗaure da igiya an jibge a ƙasa, rufin kwano na yoyo ta kusurwa ɗaya duk abin da ke wurin ya manne ya zama dunƙule. Inna Hajara ba ta san shekara ba, abin da ta riƙe kawai tana goyon Sale aka yi abin, don haka suka ɗebo littattafai biyar suna bi shafi-shafi, Nasiru na tsaki a ciki yana atishawa. Sai washegari bayan azahar ya ci karo da shi a littafin 1994, rubutun wani magatakarda da ya rasu tun kafin a haifi Nasiru, tawada shuɗiya ta koɗe amma tana karantuwa. Sunan mai gona, sunan Alhaji Mudi, sannan kalmar nan ɓaro-ɓaro, jingina, har an ja mata layi a ƙasa. Gabas rafi, yamma burtali, kudu gonar wani Tanko, arewa bishiyar ɗorawa. Shaidu uku, kowa ya dangwala yatsa, ga hatimin ofis.

Nasiru ya tsaya yana kallon dangwalen nan. Kusan duk masu yatsun suna kabari. Shi kuma wanda ya rubuta bai san wani Sale ba, jariri ne a bayan uwa a lokacin, ya dai zauna ya tambayi gabas da yamma ya rubuta ya tashi.

Sai dai gara ta cinye gindin shafin, daidai inda aka rubuta kuɗin jinginar. Wannan ya ja wani zaman na daban, don da aka karanta a zaure 'ya'yan Alhaji Mudi suka yi tsit, babban ya karɓi littafin ya duba da kansa ya ce ya yarda, amma nawa za a mayar musu? Inna ta faɗi nata, su suka faɗi nasu, tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Ɗorawar ma an sare ta tuntuni, sai da aka je da dagaci aka tono kututturen kafin a tsayar da iyakar arewa. A ƙarshe dattawa suka yanke wani abu a tsakiya, aka bar ƙaramin ya noma daminar bana tunda ya riga ya kai taki, bayan kaka gona ta koma hannun Sale. Babu wanda ya fita yana dariya, amma dai ba a je kotu ba kuma ba a fasa kan kowa ba.

Da aka watse Malam Iro ya tura wa Nasiru littafin bana ya ce rubuta. Wannan karon shafi guda da rabi ya ci, har da sunan wanda ya tono kututturen. Yana gamawa ya koma baya yana buɗe nasa na watannin da suka wuce, an sasanta, an sasanta, an sasanta, wani ma ko kwanan wata babu. Ya ce "Baba waɗannan fa?"

"Masu su suna da rai ai," in ji tsohon. "Ka ɗauki mashin ka bi su tun suna tunawa."

Haka ya yi ta zirga-zirga ƙauyuka har shuka ta fito, wasu su ba shi haɗin kai wasu su ce yaron nan so yake ya tayar da maganar da ta mutu. Ya rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma takardar neman akwatin ƙarfe da maganin gara, shiru ba amsa, sai ya samo bulo da katako ya ɗaga littattafan daga ƙasa, ya riƙa ɗaukar hoton tsofaffin shafuka da wayarsa yana turawa imel ɗinsa. Ya kai 1989 wayar ta cika, Malam Iro ya ce ya goge bidiyoyin ƙwallo mana, ya ce Baba ai su na fara gogewa.