Tsarin furojet ɗinmu na gano kutse, babi na 1 zuwa 5

Salam, Zainab da Bashir. Ga tsarin da na haɗa bayan zamanmu da Dakta, ku karanta har ƙasa don Allah kafin kowa ya fara rubuta nasa ɓangaren, don ba na so mu kai wata na uku sannan mu gano kowa inda ya dosa daban.

Taken dai yana nan kamar yadda aka amince, gano kutse a netwok ta hanyar koyon na'ura. Amma tambayar da za mu amsa na matse ta. Ba za mu ce mun gina modal mai akuresi 99% ba, wannan kowace shekara sai an kawo shi wajen difens kuma ekstanal ya gaji da ji. Tamu ita ce, modal ɗin da ya ci maki sosai lokacin da aka cakuɗa data aka raba, yana iya kama harin da bai taɓa gani ba kuwa? Kuma ƙararrawar ƙarya nawa zai buga kafin ya kama na gaskiya? Duk abin da ba ya taimaka wa amsa wannan, mu bar shi waje.

Babi na 1 naka ne Bashir, kar ya wuce shafi 6 ko 7. Matashiya, matsalar, manufa ɗaya da ƙananan manufofi 3, iyakar aikin. A wajen iyaka ka rubuta ƙarara cewa tirafik na netwok muke dubawa ba log na cikin kwamfuta ba, kuma duk gwajin a kan data da aka riga aka tattara ne, ba mu ɗora shi a kan netwok mai rai ba. Kuma roƙo, kar ka fara da tarihin intanet.

Babi na 2 Zainab. Ki fara da bambancin masu gano kutse ta sa hannun harin da aka sani, irin Snort da Suricata, da masu gano duk abin da ya saɓa wa al'ada, wanda tushensa takardar Dorothy Denning ce ta 1987. Daga nan takardu 15 zuwa 20 na baya-bayan nan a tebur guda: wace data, yaya suka raba ta, da me suka kwatanta, wane ma'auni suka bayar. Teburin nan shi zai fito mana da giɓin da kansa, za ki ga yawancinsu rabon cakuɗe suka yi suka tsaya. Takardu biyu kar ki tsallake, Axelsson da ya yi bayanin yadda ƙarancin hari a cikin tirafik yake sa ƙararrawar ƙarya ta rinjayi ta gaskiya, da Sommer da Paxson na 2010 kan dalilin da ya sa irin waɗannan modal suke haskawa a takarda amma ba a cika ganinsu a wurin aiki ba.

To babi na 3, nan aikin yake, ni zan riƙe shi amma kowa sai ya fahimce shi don ba a san wa za a nuna da yatsa ranar difens ba.

Maganar data tukuna. KDD Cup 99 ba za mu taɓa ta ba sai ambato, daga gwajin DARPA na 1998 aka ciro ta, kuma a 2009 Tavallaee da abokan aikinsa sun nuna kusan 78% na layukan horarwa maimaici ne. Su suka gyara ta ta zama NSL-KDD, layi 125,973 a KDDTrain+ da 22,544 a KDDTest+, siffofi 41. Tana da sauƙi, laftof ɗina ma tana haɗiye ta cikin minti kaɗan, amma tirafik ɗin ciki ya girme mu duka ukun, don haka da ita za mu gwada ko kod yana tafiya kawai, ba za mu gina hujja a kanta ba.

Babbar datarmu CICIDS2017 ce ta Jami'ar New Brunswick a Kanada. Kwana 5 suka ɗauka, Litinin 3 ga Yuli zuwa Juma'a 7 ga Yuli 2017, layi kusan miliyan 2.8, siffofi kusan 80 da CICFlowMeter ya fitar. Litinin babu hari ko ɗaya, Talata FTP-Patator da SSH-Patator, Laraba nau'o'in DoS da Heartbleed, Alhamis harin shafin yanar gizo da Infiltration, Juma'a Bot da PortScan da DDoS. Ku riƙe wannan jerin a ka don gwajinmu a kansa ya tsaya. Data ɗin tana da datti fa, sunayen wasu ginshiƙai da sarari a gabansu, `Flow Bytes/s` akwai Infinity da NaN a ciki, `Fwd Header Length` ya zo sau biyu, akwai layuka masu maimaici da yawa. Engelen da abokansa ma a 2021 sun nuna akwai kurakurai a yadda aka yanka tirafik ɗin da yadda aka sa masa lakabi, wannan dole ya shiga rubutunmu, gara mu faɗa da bakinmu kafin a tambaye mu. Duk layin da muka goge za mu rubuta adadinsa da dalili a tebur.

Ta biyu UNSW-NB15 ta Ostareliya, 2015, nau'in hari 9, an riga an raba ta 175,341 da 82,332, mu bi rabon nasu yadda yake don a iya kwatanta mu da wasu. Siffofinta ba iri ɗaya ba ne da na CICIDS2017, saboda haka ba za mu horar a ɗaya mu gwada a ɗaya ba, gwaji iri ɗaya za mu maimaita a kowacce mu ga ko labarin ya yi daidai.

Rabo iri biyu za mu yi wa CICIDS2017. Na farko na kowa da kowa, 80 da 20 a cakuɗe da `stratify=y`. Na biyu na kwana, a horar da Litinin zuwa Laraba, a gwada da Alhamis da Juma'a, a nan tambayar biyu ce kawai, hari ko lafiya, tunda hare-haren ƙarshen mako modal bai taɓa ganinsu ba. Ina kyautata zaton makin zai faɗi a rabo na biyun, in ya faɗi kar hankalin kowa ya tashi, tazarar nan ita ce sakamakon da muke nema.

Doka ɗaya da ba sassauci, a raba data kafin a yi mata komai. Daidaita ma'aunin siffofi, zaɓen siffofi, SMOTE, duka a ɓangaren horarwa kaɗai. Wanda ya yi SMOTE kafin rabo tamkar ya ba ɗalibi takardar jarrabawa ne da daddare ya zo da safe yana murnar ya ci. Haka za mu ɗaure shi:

```python
from sklearn.preprocessing import StandardScaler
from sklearn.ensemble import RandomForestClassifier
from imblearn.over_sampling import SMOTE
from imblearn.pipeline import Pipeline
pipe = Pipeline([("sc", StandardScaler()),
                 ("sm", SMOTE(random_state=42)),
                 ("clf", RandomForestClassifier(n_jobs=-1))])
pipe.fit(X_train, y_train)
```

Fayilolin MachineLearningCSV da ma ba su da adireshin IP da lokaci, to alhamdulillah, amma `Destination Port` yana nan kuma modal zai iya haddace shi maimakon ya koyi halin harin, za mu gwada da shi da kuma ba shi. A UNSW-NB15 a cire `id`, a cire `attack_cat` in ana hasashen `label`, sannan mu yi irin wancan gwajin da `sttl`.

Abokan kwatance kuma daga ƙasa za mu faro. `DummyClassifier(strategy="most_frequent")` shi ne na farko, ba ya koyon komai, komai ya gani cewa yake BENIGN, amma a CICIDS2017 zai ci kusan 80% don yawan tirafik mai lafiya ke nan. Wannan lambar kaɗai ta isa ta nuna akuresi ba abin dogaro ba ne a nan. Sai `LogisticRegression`, sai `DecisionTreeClassifier`, sai `RandomForestClassifier` da XGBoost, sai `IsolationForest` wanda za mu horar da tirafik mai lafiya zalla, ina so in ga yadda zai yi a rabon kwana. Bashir na san ranka na kan LSTM, ba a hana ba, amma sai an gama waɗannan tukuna, kuma lokacin da aka ba shi na gyaran saiti shi za a ba sauran, ba a yi kwana ana lallashin ɗaya a bar sauran a yadda suka zo sannan a ce ya fi su ba. Gyaran saitin ma a wani yanki na datar horarwa za a yi, ta gwaji sau ɗaya ake buɗe ta a ƙarshe.

Ma'auni, abin da `classification_report` yake fitarwa, `precision` da `recall` da `f1-score` na kowane aji, kuma `macro avg` za mu sa a gaba ba `weighted avg` ba, saboda Heartbleed layi 11 ne kacal, Infiltration 36, in aka auna da nauyin yawa za su nutse ba wanda ya lura. Su waɗannan ƙananan ma za mu rubuta cewa sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu. Sai `confusion_matrix`, `average_precision_score`, `matthews_corrcoef`, da adadin ƙararrawar ƙarya, FPR = FP / (FP + TN). Ga misalin da nake so ya shiga babin, a ƙaddara netwok na ganin zirga-zirga 1,000,000 a rana, 100 ne kawai hari, modal yana da FPR 1% kuma ya kama duka 100 ɗin. Ƙararrawar ƙarya kusan 10,000 ke nan, wato cikin kowace ɗari da ta buga kusan ɗaya ce ta gaske, wane ma'aikaci ne zai zauna duba wannan? Shi ya sa za mu kuma ba da `recall` a FPR 1% da 0.1%. Lokacin horarwa da na hasashe ma a rubuta, tare da irin kwamfutar da aka yi amfani da ita. Kowane gwaji sau 5 da `random_state` daban, mu ba da matsakaici da yadda ya yi ta lilo.

Babi na 4 sakamako, tebur guda ga kowane rabo, sannan sharhi. Sharhin nake so ya fi teburin tsawo, wane hari ne ya kuɓuce, wane aka ɗauka a matsayin wani, me ya canza da aka cire `Destination Port`. Ba hoton allo na kod a nan, wannan na rataye ne.

Babi na 5 gajere, amsar kowace manufa da lambarta, gazawar aikin, da abin da na baya za su ɗora. Babban abin da za mu amsa a gazawa shi ne duka datar a ɗakin gwaji aka ƙirƙire su a Kanada da Ostareliya, ba mu da hujjar cewa haka modal zai yi a netwok ɗin makarantarmu.

Maganar inji, RAM ɗin laftof ɗina 8GB ne, zan mayar da ginshiƙan `float32` in ajiye datar da aka wanke a Drive, manyan gwaje-gwajen a Colab, kuma kowa ya riƙa ajiye sakamako bayan kowane zagaye don yana yankewa, ga kuma halin NEPA. Zainab teburin takardun nan nake jira ranar Litinin ko da guda 10 ne, Bashir kai kuma manufofin, in Allah ya yarda Laraba mu kai wa Dakta babi na 1 da daftarin na 3 tare.

Aminu